Inshorar lafiya ko ajiyar kuɗi: wanne zai kare jarin ɗan kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, jarina ya kai naira miliyan 3, ribata a wata wajen 150,000, gida kuma yana cin 120,000. Mu bakwai ne, ni da mata biyu da yara huɗu, kuma duk lafiyarmu ƙalau. Maƙwabcina ya rufe shago bayan jinyar matarsa, abin ya tsorata ni. In shiga tsarin taimakekeniyar lafiya ne, ko in riƙa tara kuɗina da kaina?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka yi duka biyun, amma ka fara da rajistar tun yanzu da kowa ke kan ƙafarsa. Bari mu yi lissafin da kuɗinka, ka ga dalili.

A ce tsakar dare naƙuda ta zo wa ɗaya daga cikin iyalinka da gardama, likita ya ce sai an yi tiyata. Mu ƙaddara kuɗin aiki da jini da magani da gado da zirga-zirga sun tashi 600,000. Misali ne kawai, domin farashin asibitin gwamnati daban, na kuɗi daban. Kuɗin nan ba sa aljihunka, suna kan kanta, a jikin atamfa. Wanda ya zo saye kuwa ya ga idonka ya san a matse kake, don haka kayan 680,000 za ka karyar kafin ka haɗa 600,000. Jari ya koma miliyan 2 da 320,000. Ribarka kashi 5 cikin 100 ce a wata, ke nan yanzu 116,000 za ka riƙa samu, alhali tukunyar gida ba ta ragu daga 120,000 ba. Mai jego ta warke, an yi suna, an watse, amma daga ranar kowane wata sai ka gutsuri uwar kuɗi kafin a ci abinci. Ban ma sa kwanakin da shago ya yi a rufe kana zaman jinya ba. Haka wasu shaguna ke mutuwa, a hankali, wata shida ko shekara bayan an sallamo mara lafiya, har mutane su ɗauka kasuwa ce ta juya baya.

Ba kai kaɗai ke cikin wannan haɗari ba. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Wannan na cikin abin da ya sa aka yi dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA a madadin tsohuwar NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Kai da ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ƙofa biyu ke gabanka: hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharka, wato KSCHMA a Kano, wadda ke da tsarin masu sana'ar kansu, ko kuma shirin GIFSHIP na NHIA, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya ke iya shiga. Idan zuciyarka na ɗar-ɗar da kalmar inshora, duba yadda abin yake: jama'a ne ke zuba kuɗi a asusu ɗaya, a yi wa wanda ciwo ya kama magani daga ciki.

Dalilin da na ce ka yi sauri shi ne lokacin jira. Ba ranar da ka biya kati ke fara aiki ba. Sai an shigar da sunanka, an tura shi asibitin da ka zaɓa, kuma wannan kan ɗauki makonni, a wasu tsare-tsaren har wata uku. An yi haka ne da gangan, domin da za a bar kowa ya shiga ranar da ya kwanta, da asusun bai kai ko'ina ba. Na sha ganin magidanci a bakin teburin rajista, takardar tiyata a hannu, yana roƙon a yi masa kati yau-yau. Ba ya yiwuwa. Haka kuma idan shekara ta zagayo ka yi sakaci ba ka sabunta ba, sunanka na iya fita daga jerin, ka koma layin jira.

Ranar da za ka je, kada ka tsaya a tambayar nawa ne. Ka tambayi mutum nawa kuɗin ya ɗauka. Tsarin ma'aikatan tarayya, alal misali, miji ne da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sauran sai an biya musu daban. Mai mata biyu da bai yi wannan tambaya ba, ranar da amarya ta kwanta zai ji cewa ba ta ciki, ga kuɗin asibiti ga rigimar gida. Ka sa a nuna maka sunan kowa a rubuce. Sannan ka zaɓi asibitin da za ka iya kaiwa da daddare, ba mai babban suna da ke ƙetaren gari ba, domin nan ne matakin farko. Zazzaɓi, awon ciki, haihuwa, hawan jini, duk daga nan ake farawa, kuma idan abin ya fi ƙarfinsu su ne za su nemo izinin tura ka babban asibiti. In ka tsallake su ka kai kanka, in ba larurar gaggawa ba ce, da kuɗinka za ka biya. Bayan lokacin jira ya cika, ka je da kanka, lafiyarka lau, ka ce a duba maka sunayenku a rajistar asibitin.

To, ina amfanin ajiya? Ba komai kati ke ɗauka ba. A tsarin NHIA kai ke biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Wani lokaci a ce maganin ya ƙare, ka je kyamis ka saya. Manyan cututtuka irin su ciwon daji da wankin ƙoda, wanda ake yi sau biyu ko uku a mako, abin da tsarin ke ɗauka yana da iyaka. Kuɗin mota, abincin mai jinya da cefanen gida ranar da ba ka fita ba, wannan tsarin bai san da su ba.

Rarar da kake da ita 30,000 ce a wata. A ce rajista ta kama 20,000 kowane kai a shekara (ka tabbatar da farashin ranar a ofishinsu, yana sauyawa). Ku bakwai 140,000 ke nan, kusan 12,000 a wata. Saura 18,000, su ne na asusun jinya. Ka sa wa ranka cefanen wata uku, 360,000, wanda za ka haɗa cikin wata 20 in ba ka taɓa ba. Ka buɗe musu asusun banki na daban, kada su haɗu da kuɗin ciniki, domin ranar da sabon kaya ya sauka da araha hannunka zai kai gare su.

Kada ka lissafa adashi a matsayin wannan ajiya. Ɗaukarka tana da rana, ciwo ba shi da ita. Rago ko buhun hatsi sun fi riƙe daraja idan naira na faɗuwa, gaskiya ne, amma ba a sayar da rago ƙarfe biyun dare, kuma sayarwar gaggawa ita ce dai karyarwar da muke gudu. In asusun ya haura 360,000, abin da ya hau kai ka iya juya shi zuwa dabba. Sannan ka sanar da mutum ɗaya a gida, uwargida ko ƙaninka, inda kuɗin suke da yadda za a ciro su, domin mai yiwuwa wanda za a kwantar ɗin kai ne.