An haife ta da tsawon santimita 46: a haka za ta tsaya?

Tambaya: "Na haifi 'ya mace ciki na sati 39, nauyinta kilo 2.4, tsawonta santimita 46. Da cikinta na yi fama da ƙarancin jini, awon jinina ya sauka har 8, na kuma kwanta zazzaɓin cizon sauro sau biyu a ƙarshen cikin. Tsawona 160, na babanta 175. Don Allah, rashin lafiyata ce ta jawo haka? Guntuwa za ta zama?"

Barka da arziki 'yar'uwa, Allah ya raya. Tsawon da jariri ya zo da shi duniya labarin zaman da ya yi a ciki yake bayarwa, fiye da labarin tsawon da ya gada. Gado sai bayan haihuwa yake fara nuna kansa sosai, kuma kafin ya gama bayyana yaro ya kai shekara biyu.

Kafin komai, a duba yadda aka yi awon tsawon. Jariri sabon haihuwa a naɗe yake, gwiwoyinsa ba sa son miƙewa, kansa kuma yakan ɗan yi tsini saboda matsewar hanya. Idan da tef aka auna shi a kan gado, mutum ɗaya na riƙe da shi yana tsala kuka, kuskuren santimita ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Awo na gaskiya a kan allon awo ake yi: mutum ɗaya ya dafa kai ya taɓa katakon sama, na biyu ya danne gwiwoyi a hankali ya matso da katakon ƙasa har ya taɓa diddige. Ki nemi a sake auna ta a haka, a rubuta a katinta, domin daga wannan lambar za a riƙa lissafi nan gaba.

Idan 46 ɗin ta tabbata, ga matsayinta. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin tsawon 'ya mace ranar haihuwa santimita 49.1 ne, na namiji 49.9. Layin da ake cewa mace ta gaza shi ne ƙasa da 45.4. Ke nan 'yarki tana can ƙasa amma ba ta faɗa ƙarƙashin layin ba. Nauyin ne ya fi nuna alama, tunda bai kai kilo 2.5 ba alhali cikin ya cika, ba bakwaini ba ce.

Wannan bambancin tsakanin nauyi da tsawo yana da dalili. Tayi ba ya girma bai ɗaya. Tsawo ya fi gudu a tsakiyar ciki: a sati na 20 tayi yana wajen santimita 25, wato ya riga ya ci rabin tsawon da za a haife shi da shi, amma nauyinsa bai wuce giram 300 da ɗoriya ba. Nauyi da kitse kuwa a watanni ukun ƙarshe suke taruwa. Idan abin da ke isa ga tayi ya ragu, jikinsa yakan yi rabo: ya tura jini zuwa ƙwaƙwalwa, ya rage wa sauran gaɓoɓi. Kitse ne ke fara tafiya, sai tsawo ya biyo baya, kai shi ne na ƙarshen taɓuwa. Shi ya sa jaririn da matsala ta same shi a ƙarshen ciki yake fitowa a rame, fatar cinya a tattare, kai kamar ya yi wa jiki girma, tsawo kuma ya ragu kaɗan kawai. Wanda matsalar ta fara masa tun farko shi ne ke fitowa ƙarami ta kowane ɓangare, har da kai. An ga irin wannan a yunwar da ta auka wa ƙasar Holan a hunturun 1944 zuwa 1945: matan da yunwar ta riska a ƙarshen ciki sun haifi jarirai da nauyinsu ya ragu da kusan giram 300, waɗanda ta riska a farkon ciki kuwa nauyin jariransu bai sauka haka ba. Don haka ki duba katin ki ga zagayen kanta. Idan yana wajen santimita 33 zuwa 34, alama ce mai daɗi, ta dace da matsalar ƙarshen ciki, kuma irin waɗannan jariran sun fi saurin cike giɓi.

Komai na tayi ta mabiyiya yake bi, abinci da iska duka. Zazzaɓin cizon sauro yana da wata mugunta a nan: jajayen ƙwayoyin jinin da suka kamu sukan maƙale a cikin mabiyiya su taru, wurin ya kumbura, abinci ya kasa wucewa yadda ya kamata. Wani lokaci uwar ba ta ma jin zazzaɓi, gwajin jinin yatsa ya nuna babu komai, amma mabiyiya a cike take. Cutar tana kuma fasa jini, sai ta ƙara ƙarancin jinin da ake ciki. Mai ciki ana cewa jininta ya yi ƙasa idan awon bai kai 11 ba, ƙasa da 7 kuma ya yi tsanani. Naki 8 yana tsaka-tsaki. Saboda haka e, a ganina waɗannan biyun sun isa su bayyana awon 'yarki, ko da kina cin abinci yadda ya kamata. Hawan jini na ciki ma haka yake yi, ta hanyar ƙuntata jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya, haka hayaƙin sigari, ko na wanda ake zaune da shi ne.

Sai kuma jikin uwar kanta. A 1938 wasu masana biyu a Ingila, Walton da Hammond, sun haɗa manyan dawakai da ƙananan dawakan tsibirin Shetland. Idan uwar ce ƙarama, ɗan ya fito ƙarami. Idan uwar ce babba, ɗan ya fito babba, alhali gadon iri ɗaya ne. Mahaifa ce ke kayyade girman abin da ke cikinta. A mutane ma haka ne: mace mai gajarta sosai, musamman ƙasa da santimita 145, ko yarinyar da ta ɗauki ciki ita ma ba ta gama girma ba, sun fi haihuwar ƙananan jarirai. Ke wannan bai shafe ki ba. Kuma ba batun ƙabila ba ne: wani babban bincike da aka wallafa a 2014 ya bi lafiyayyun mata masu samun abinci da kulawa a ƙasashe takwas, daga Indiya da Sin zuwa Kenya da Birazil, ya tarar tsawon jariransu kusan ɗaya ne, wajen santimita 49.4.

Yanzu ga lissafin gadon 'yarki. A haɗa tsawon uba da na uwa, idan mace ce a cire 13, idan namiji ne a ƙara 13, sannan a raba biyu. 175 da 160 sun ba da 335, a cire 13 saura 322, rabinsa 161. Ana ba da sarari na kusan santimita 8 sama ko ƙasa, wato daga 153 zuwa 169. Wannan ne inda jikinta zai nufa idan an ba shi dama.

Yawancin jariran da aka haifa ƙanana alhali cikinsu ya cika, kusan tara cikin goma, suna cike giɓin kafin shekara biyu, kuma mafi yawan aikin a watanni shida na farko yake faruwa. Ga yadda za ki gane. Matsakaiciyar yarinya tana kai santimita 65.7 a wata shida, 74 a shekara ɗaya, 86 da ɗoriya a shekara biyu. Idan 'yarki ta kai 64 a wata shida, ta ƙara 18 ke nan, fiye da abin da matsakaiciya ke ƙarawa, tana hawa. Idan 62 ta kai, tana kan layinta na haihuwa, ba ta hau ba ba ta sauka ba, sai a zuba ido. Idan ta gaza 61, ko ta gaza 80 a shekara biyu, likitan yara ya gan ta. Abin da ke tare wannan hawan sanannen abu ne: gudawa a kai a kai, ba da ruwa ko wani abinci kafin wata shida, da abincin da ake fara bayarwa bayan wata shida mai ruwa-ruwa wanda babu ƙwai, nama, kifi ko madara a cikinsa. Sannan ki tambayi likita batun ɗigon sinadarin ƙarfe, domin jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ajiyarsa ba ta da yawa, takan ƙare da wuri. Kada kuma a bi ta da ɗura don ta yi ƙiba. Ƙiba daban, tsawo daban, kuma yaron da aka haifa ƙarami ya yi ƙiba da sauri ya fi shiga haɗarin ciwon suga da hawan jini idan ya girma.

Game da ciki na gaba, aikin kafin ɗaukarsa yake farawa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 daga haihuwa zuwa sabon ciki, kuma a sake gwada jininki a ga ya dawo. Da ciki, ana shan sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kullum. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗiye ƙwayar da shayi, ko tare da ƙwayar kalsiyam, duka biyun suna hana jiki tsotsar ƙarfen. A raba su da awa biyu. Wasu kuma suna dainawa don bayan gida ya yi baƙi, alhali wannan ba illa ba ce. A wuraren da ake da zazzaɓin cizon sauro, ana ba da maganin rigakafi daga sati na 13, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku, tare da kwana cikin gidan sauro. Folik asid mai miligiram 5 yana rage wa wannan maganin ƙarfi, don haka a duba abin da ke rubuce a jikin kwalin.

Abinci kuwa ba ninkawa ake yi ba. Ƙarin da ake bukata a tsakiya da ƙarshen ciki bai wuce ƙaramin cin abinci guda ɗaya a rana ba, mai ɗauke da ƙwai, wake, madara, kifi ko nama, da ganye, da gishiri mai aidin. Sikeli ne zai faɗi ko ya isa: mace mai matsakaicin jiki tana ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a duk cikin, wajen giram 400 a sati daga wata na huɗu. Idan wata guda ya wuce sikeli bai motsa ba, a faɗa wa ungozoma. A wurin awon ciki kuma, daga sati na 24 tsayin ciki da tef, daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, yakan yi daidai da yawan satittikan: sati 30, santimita 30, da saɓanin biyu sama ko ƙasa. Idan a sati na 32 aka samu 28, ko aka auna sau biyu a jere lambar ba ta ƙaru ba, a yi sikanin a duba girman tayin da gudun jini a cibiya, a kuma gwada jini da hawan jini a ranar.