Jan Miyar Tumatir a Jikin Roba

"Mama, robobin da muka zuba miyar walimar ranar Asabar duk sun yi ja. Na wanke su da omo da ruwan zafi har sau uku, jan bai fita ba. Guda biyu na sa musu soson waya, jan ya ɗan ragu, amma yanzu sun yi dusu-dusu, ba a hango abin da ke ciki. Yaya zan yi da sauran goma sha takwas ɗin?"

To 'yata, ki fara ajiye soson wayar nan tukuna, kada ya sake taɓa roba ko ɗaya. Biyun da kika goge sun riga sun tafi, ki ware su mu riƙa zuba gishiri da dunƙulen magi. Sauran kuwa za su dawo in Allah ya yarda, amma sai kin gane abin da kike faɗa da shi.

Jan nan ba a saman robar yake zaune ba, cikin jikinta ya shiga. Abin da ke sa tumatir ja wani sinadari ne da ake kira laikofin, kuma halinsa shi ne ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Ki tuna yadda jajjage yake idan ya soyu: man gyaɗan da kika zuba garau sai ya taso sama jawur. Man ne ya kwashe launin tumatir da na tattasai ya riƙe. In manja ne ma, da nasa launin ya zo. Ita kuma roba 'yar uwar mai ce, tunda daga man fetur ake yin ta, shi ya sa maiƙo ke manne mata fiye da yadda yake manne wa tangaran ko kwanon silba. Da an zuba miya da zafinta, jikin robar sai ya saki, man ya kutsa da jansa, in ta huce ta kulle a kansa. Ki duba ki gani, inda jan ya fi yawa shi ne zoben da ke daidai bakin miyar, wurin da man ya kwanta. Don haka ruwan zafin da kika fara da shi bai taimake ki ba, ƙara buɗe wa man hanya ya yi. Soso kuma bai isa inda launin yake ba, sai ya kankare fatar robar, kuma kankarewar nan ita ce dusu-dusun da kike gani.

Ni ma da haka na koya. Farkon fara kai abinci ofisoshi, na sayo robobi dozin guda masu haske kamar gilashi, na zuba musu miya tana tafasa. Da suka dawo na sa toka da soson buhu na dirje su, yadda muke yi wa gindin tukunya. Kafin sati biyu babu wadda zan iya miƙa wa mutum. Har wata mata ta dawo min da abinci tana cewa robar ba ta wanku ba, alhali a wanke take tas, ƙarzuwa ce ta riƙe maiƙo ta yi duhu. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don a sana'armu ana fara ci da ido kafin a kai baki.

Kafin ki taɓa sha takwas ɗin, kifa kowace ki duba gindinta. Za ki ga ɗan alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Namu yawanci 5 ne, a ƙasa an rubuta PP. Wannan ita ce mai jure zafi da jiƙo, kuma ita ce abin da zan faɗa miki ya shafa. In kin ci karo da mai 1, irin ta gorar ruwa, ko mai 6, mai ƙaras-ƙaras ɗin nan da ke tsagewa in an matsa, ki fitar da su gefe. Waɗannan ko ruwan zafi ba sa so, mai 1 tana lanƙwashewa, kuma ba don miya mai zafi aka yi su ba tun asali.

Aikin farko, da mai za ki cire mai. Na san zai ba ki mamaki. Ki tabbatar robar a bushe take ƙayau, don in da ruwa man ba zai kama ba. Ki ɗiga man gyaɗa mai kyau kamar rabin ƙaramin cokali, ki shafe cikin da yatsa, ki fi ba zoben nan ƙarfi, da kusurwoyi, da ramin murfi. Ki bar ta kamar minti talatin, in ta kai awa ɗaya ma ya fi. Sai ki sa farin tsumma mai laushi ki goge. Dubi tsumman: za ki ga ya ɗauko launin ruwan lemo. Sabon man ne ya narkar da jan da ke kusa da sama ya jawo shi. In tsumman ya yi ja sosai ki maimaita, in ya fito kusan fari to mai ya gama nasa aikin.

Daga nan ki wanke da sabulun ruwa na wanke-wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda hannunki zai zauna a ciki ba ki ji komai ba. Ga dabarar da ke hutar da ni in robobi sun yi yawa: ki ɗiga sabulu, ki zuba ruwa kamar kwatan robar, ki jefa ƙyallen tsumma a ciki, ki rufe murfin gam, ki girgiza na minti ɗaya. Tsumman yana bin kowane lungu yana kwashe maiƙon ba tare da ya ji wa robar ciwo ba. Ki ɗauraye, ki ja yatsa a jikinta. In kin ji yana ƙiƙ-ƙiƙ, maiƙo ya fita. In yana sulɓewa, da saura. Omo ki bar shi ga wanki, ƙwayoyinsa ba sa narkewa duka, suna gurzar roba, kuma yana barin fari-fari da ƙamshi a jikinta.

Abin da ya rage bayan wannan, wanda ya yi nisa a ciki, rana ce maganinsa. Laikofin ba ya jure haske da iska, ƙoɗewa yake yi, kamar yadda atamfa ke ƙoɗewa in an manta ta a igiya. Ki jera su a kan tabarma a tsakar gida, bakinsu a buɗe yana kallon sama, murafen a gefe, tun daga hantsi zuwa la'asar. Da azahar ki juya su don gefen da ke inuwa ya samu. Yawanci wuni ɗaya ya isa, mai taurin kai ta ƙara na biyu. Kada ki wuce haka. Ranar da ke cinye jan tana cin robar ita ma, in aka bar ta sati tana shan rana sai ta yi fari-fari ta bushe, ki ga murfi ya tsage a hannunki. Kuma yanzu da ake hunturu, idan kin kwaso su kada ki share ƙurar da busasshen tsumma. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, gogewa ɗaya za ta bar zane. Ki watsa musu ruwa tukuna.

Akwai masu cewa a kwaɓa bekin soda. Yana taimakawa wajen wari da ɗan maiƙon da ya maƙale: cokali biyu da ruwa cokali ɗaya, a shafa, a bari minti ashirin, a ɗauraye. Shafawa na ce, ba dirzawa ba, don shi ma gari ne mai ɗan kaifi.

Bilic kuwa, haifon nan, ina ajiye shi ne sai in gobe da safe ake bukatar robobin kuma babu lokacin jiran rana. Babban cokali ɗaya a lita ɗaya na ruwan sanyi, a jiƙa minti goma sha biyar zuwa ashirin, a wanke da sabulu, a ɗauraye sau uku, a bari su sha iska har warin ya tafi. Ba a zuba shi tsagwaronsa, ba a kwana da roba a ciki, ba a sa shi a ruwan zafi. Wannan kuma ki riƙe shi da kyau: kada ki kuskura ki haɗa bilic da lemon tsami ko ruwan khal, ko a ɗauraya ɗaya. Haɗuwarsu na tayar da iska mai guba da ke shaƙe mutum, balle a ɗan ɗakin girkinmu.

Shi kansa dusu-dusun ba iri ɗaya ba ne, kuma ba kowane ne ya zama asara ba. In kin ga roba ta dushe, ki yanka lemon tsami ki shafa a wuri ɗaya, ki ɗauraye, ki bari ya bushe. Idan wurin ya washe, to gishirin ruwa ne ya kwanta, irin farin da ke taruwa a cikin butar shayi, ruwan rijiya da na burtsatse sun fi kawo shi. Wannan mai sauƙi ne: ruwan khal kofi ɗaya, ruwa kofi uku, jiƙon minti goma, sannan ki riƙa tsane su da tsumma mai laushi maimakon barin ruwa ya bushe a jikinsu. Idan kuma ta yi garau tana jiƙe, ta bushe hazon ya dawo, kuma lemon bai canja komai ba, ɗaga ta a haske, za ki ga ƙananan zane-zane. Ƙarzuwa ce, ba ta da magani, irin biyun nan naki. Na ukun shi ya fi muni: farin zobe mai kaushi, farce yana maƙalewa a ciki. Wannan ƙuna ce, mai ne ya yi zafin da ya wuce na tafasar ruwa ya ci robar, ko an juye miya daga kan wuta, ko an ɗumama ta a na'urar ɗumama abinci. Irin wannan ba na sake zuba abincin mutane a ciki, don ramukan suna ɓoye dauɗar da sabulu ba ya kaiwa.

A walima ta gaba, miya za ta huce a tukunya har sai kin iya riƙe gefenta da hannu kafin a fara rabawa. Ki shafe cikin kowace roba da ɗigon man gyaɗa tukuna, shi zai fara shiga ya tare wa jan hanya. In sun dawo, a kwashe ragowar miyar da cokalin roba, a goge maiƙon da tsumma, a fara da ruwan sanyi da sabulu a ranar, kada su kwana. Kuma daga yau mu ware guda ashirin na miya kaɗai, na shinkafa da salak daban.

Yau da dare ki shafa wa sha takwas ɗin mai, ki goge, ki wanke. Gobe da hantsi ki shanya su ta gefen rijiya inda rana ta fi daɗewa, in an yi la'asar ki kawo min uku da suka fi ja in duba.