Batir lafiya, kik na nishi: ka nemi wutar inda take zubewa

"Maigida, Golf ɗin nan da aka turo mana daga Kwangila, batirinta ya nuna bolt 12.6, na ma sa wani sabo, amma kik ɗin sai ya ja da ƙyar kamar mai ciwon baya. Na gwada wayar as da mita, ta yi ƙara, lafiya take. In kwance kik ɗin ne?"

Ajiye sifanar nan. Kada ka taɓa kik ɗin sai na ce.

Wannan ƙarar da mita ta yi maka ita ce ta taɓa cinye min kuɗin kik guda da kwana huɗu na aiki, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina da rumfa a Tudun Wada, wani mai motocin haya ya kawo min irin wannan Golf ɗin. An sauke mata inji, an yi mata fenti, an mayar. Da safe takan tashi da ƙyar, in kuwa ta yi zafi aka kashe ta, sai turi. Batir sabo fil. Na sa mita a kan wayar as, wadda wuta ke bi ta koma baƙin kan batir, ta yi ƙara, na ce to, kik ne. Na kwance shi, na canza burushi, na wanke, na mayar. Jiya i yau. Mutumin ya ce in je Sabon Gari in sayo na Beljiyam da kuɗina, in direbansa ya kawo balas da yamma zai biya ni. Saboda girman gemunsa na yarda. Na ɗaura, motar ta ci gaba da nishinta. A gaban yarana ya tsaya yana cewa ashe sunan nawa na banza ne.

Daren nan ban koma gida ba. Na riƙe yaro ɗaya, na ce ya zauna ya riƙa murɗa makulli, ni kuma ina gwaji wuta na tafiya. Batir ya tsaya a 11.4 ana murɗawa. Nan jikina ya ba ni. Da batir ne ya mutu, ko kik ne yake zuƙar wuta fiye da kima, da ya faɗo ƙasa da 9.6. Batir yana tsaye da ƙarfinsa, kik yana jin yunwa, ke nan a hanya ake tare abincin. Na gwada ɓangaren jar waya, daga kan batir zuwa babban notin kik, na ga 0.3. Na koma ɓangaren as, daga baƙin kan batir zuwa jikin kik, na ga 2.6. Yi lissafi da kanka: cire 0.3 da 2.6 daga 11.4, saura 8.5. Da abin da kik ɗin ke ƙoƙarin juya inji ke nan.

Sai na fara bin wayar taki-taki. Tsinke ɗaya na bar shi a kan darmar batir, ɗayan nake matsawa. A kan matsewar kan batir, kusan babu komai. A kan kunnen wayar, can inda aka ɗaure ta a giyabos, 0.2. Na ɗaga tsinken daga kunnen na ɗora a kan ƙarfen giyabos ɗin kansa, tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba, mita ta tashi zuwa 2.5. Na kai hannu, notin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Da na kwance, sai ga fenti da baƙin mai sun yi shimfiɗa a ƙarƙashin kunnen, da ɗan tabon ƙuna kamar ƙwayar gero, ta nan kaɗai wutar take kutsawa. Sanfefa na sa har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure tamau. Murɗawa ɗaya ta tashi, as ɗin ya dawo 0.2.

Da gari ya waye na gaya masa gaskiya, don ban iya ƙarya a kan aiki ba. Ka san me ya ce? Wai tunda noti ne kawai, kuɗin me zai biya? Ya ja motarsa da kik ɗina a ciki, ya sa direba ya ɗauke tsohon ma. Na yi sawu gidansa har na gaji. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, ka ji dalilin da ya sa ƙarar mita ba shaida ba ce. In ka juya ta wajen Ω, ɗan batirin cikinta take turawa, wutar da ba ta isa ta kunna ko ƙwan sigina ba. Ko silin waya ɗaya ya rage a cikin kebul, za ta bi ta wuce, ta yi maka ƙara. Kik kuwa yana jan amfiya 150 zuwa 200 a ƙaramar motar fetur. Cikas na om 0.01 kacal, wanda mitarka ba za ta iya bambanta shi da sifili ba, in amfiya 200 ta bi ta kansa, bolt 2 ya tafi: V = I × R. Shi ya sa in ba a murɗa makulli, gwajin faɗuwar bolt ɗin nan sifili zai nuna maka ko da wayar ta ruɓe. Sai da kaya a kai ake gane jakin da ke ɗingishi.

Ku yaran yanzu ba ku da haƙurin wannan. Kun fi son ku kwance abu ku ɗaura sabo, hannu ɗaya a aljihu yana lalubar waya. Mu sai da muka shekara muna wanke kan batir kafin a bar mu mu riƙe mita.

Jeka ka juya mita zuwa DCV 20. Cire fis ɗin famfon mai don kada ta tashi tana katse maka karatu, sauran shirin kuma ba sai na faɗa ba. Abu ɗaya da kuke kuskurewa kullum: tsinken a kan darmar baƙin kan batir kanta ake soka shi, ba a kan matsewar ba, don sau da yawa tsakaninsu farin garin nan yake ɓuya. Ɗayan kuma a jikin kik inda ka kankare, ba kan datti ba. In ka ga alamar - a gaban lamba, tsinkayen ka juya, lambar dai ita ce. Kada a riƙe makulli ya wuce daƙiƙa goma, a bar kik ya huce tsakani.

Ni a wurina as ya wuce 0.3 akwai magana, jar waya kuma kada ta haura 0.5. Mahaɗa ɗaya in ta ci fiye da 0.1, kwance ta ka goge. In kuwa faɗuwar a tsawon kebul ɗin take, tsakanin kunne da kunne, to cikin ne ya ci. Yanka robar kusa da batir za ka ga tagullar ta zama kore. Wannan ba a goge shi, canzawa ake, kuma da mai kauri irinsa, ba siririyar wayar da ake sayarwa da roba jibgi ba.

Kafin ka kwance komai, ɗauko wayar jamfa ɗaya, ka maƙala daga baƙin kan batir zuwa ƙarfen inji, a murɗa. In kik ya sake ya juya da gudu, shari'a ta ƙare. Ka leƙa wayar kuloci da ta totur ma, in robarsu ta narke ko sun yi tauri, ta nan wutar ta riƙa satar hanya tana komawa, kuma sai a gaya wa mai motar tun yanzu.

In faɗuwar as da ta jar waya duka sun fito ƙasa, batir kuma ya faɗi warwas ana murɗawa alhali sabo ne, sannan ka zo mu yi maganar kik. Ka rubuto min lambobin uku a bayan kwali, kuma kada ka sayo wa kowa ko washa da kuɗinka sai ya ajiye nasa a hannuna.