Talla tana kawo ciniki, amma tsoffin kwastomomi ne ke saye: me zan rubuta wa Hajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da tallar wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra a Unguwar Rimi, a Facebook da Instagram. A wata guda mun kashe naira 300,000, Ads Manager, wato wurin da ake sarrafa tallar a ga sakamakonta, ya nuna oda 90 ta shafinta, cinikin naira 1,800,000. Da na duba littafin cinikinta sai na tarar 72 daga cikin masu sayen tsoffin kwastomominta ne, don haka na dakatar da tallar. Ribarta a kowace oda kusan naira 5,000 ce. Yanzu ranta ya ɓaci, ta ce na kashe abin da ke kawo kuɗi. Yaya zan rubuta mata ta fahimta? Daga wani mai karatu a Barnawa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka yi daidai da ka buɗe littafin, kuma ina goyon bayan dakatarwar. Sai dai kuɗin nata ne, ya kamata ta ji daga bakinka tun kafin ka taɓa komai. Ka fara kiranta ka ba ta haƙuri a kan wannan, sannan wasiƙa ta biyo baya.

Ɓacin ranta yana da dalili. Abin da take gani shi ne kowace naira ɗaya ta dawo da shida, wanda Ads Manager ke kira ROAS. Amma a tsarinsa na yau da kullum, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, yana ɗora wa talla duk cinikin da aka yi cikin kwana 7 bayan mutum ya danna ta, ko cikin kwana ɗaya bayan ya gan ta kawai. Matar da turarenta ya ƙare, wadda da ma ta yi niyyar yin oda idan albashi ya shigo, in tallar ta gifta mata jiya ta saya yau, za a rubuta cewa talla ce ta kawo ta. Sannan idan ka ce wa na'urar tallar Meta ta nemo masu saye ba tare da ka ware kowa ba, wajen waɗanda suka fi sauƙin shawo kai take nufa, kuma ba wanda ya kai tsohuwar kwastoma sauƙi. Turare kuwa kaya ne mai ƙarewa, masu shi suna dawowa da kansu.

Lissafin da zai shiga ran 'yar kasuwa na riba ne. Kafin talla ta mayar da naira 300,000 a kan ribar 5,000, sai ta jawo oda 60 waɗanda ba don ita ba da ba a yi su ba. Sababbin da ka tabbatar 18 ne, ribarsu 90,000. Ke nan sai in 42 daga cikin tsoffin 72 tallar ce ta tashe su, kafin a ce ko uwar kuɗin talla ta fito. In ka raba abin da aka kashe a kan sababbin kaɗai, kowace sabuwar kwastoma ta ci kusan naira 16,700.

Kada ka rubuta mata cewa duk tsoffin nan za su saya ko ba talla, domin ba ka da hujjar haka. Ka koma littafin ka raba su gida biyu: masu saye duk wata ko wata biyu, da waɗanda suka ɓace wata shida ko fiye sai yanzu suka dawo. Kashi na biyu akwai alamar talla ce ta tuna musu, ka ba ta haƙƙinta. Haka ma 16,700 ba lallai ya zama asara ba. Sabuwar da za ta yi oda sau huɗu a shekara ta bar ribar 20,000, ta biya kuɗin kawo ta. Littafin Hajiya ne zai nuna ko kwastomominta suna kaiwa haka. Ka kuma sake tantance lambobin waya kafin ka aika, domin Excel yakan cinye sifirin farko, wasu kuma an ajiye su da +234, sai mutum ɗaya ya fito kamar mutum biyu.

Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo. Ga yadda zan tsara ta:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya kasuwa? Ina ƙara ba ki haƙuri da na dakatar da tallar ban fara sanar da ke ba. Ga dalilina. Rahoton wannan wata ya nuna oda 90, kuma gaskiya ne an yi su. Amma da na haɗa lambobin masu sayen da littafinki, 72 sun taɓa saye a wajenki, 18 ne sababbi. Mun kashe naira 300,000, ribar da sababbin suka bari 90,000 ce. Ina tsoron muna biyan kuɗi mu kira mutanen da ƙamshin kayanki ya riga ya kama. Ba na cewa tallar ba ta yi komai ba, so nake mu auna mu gani. Ki ba ni mako biyu ba tare da talla ba, kullum ki sa a rubuta yawan odar shagon gaba ɗaya, har da ta WhatsApp da ta masu zuwa da ƙafarsu. In ciniki ya faɗi sosai, zan kunna ta nan take, na yarda tana aiki fiye da yadda na zata. In bai motsa ba, mu koma da sabon tsari wanda zai ware tsoffin kwastomomi ya nemo sababbi kawai. Ba a ciri ko kwabo ba tun da na dakatar. Na haɗa miki jerin sunayen ki duba da kanki. Hukunci na hannunki, Hajiya. Allah Ya ƙara albarka a kasuwa."

Wannan awon na mako biyu yana da tarko, kuma a Kaduna tarkon kalanda ne. Gari ne mai ma'aikata da yawa, ciniki yana tashi a ƙarshen wata ya kwanta a tsakiya. Turare kuma yana da lokutansa: gab da Sallah da lokacin bukukuwan aure. In ka kwatanta makon albashi da tsakiyar wata, ko goman ƙarshe na azumi da bayan Sallah, za ka ɗora wa dakatarwar laifin da ba nata ba. Ka kwatanta da irin waɗannan ranakun na watan da tallar ta yi aiki, da kuma na watannin da ba a fara ta ba. Idan kuwa yanzu ana dab da Sallah ne, gara ka rage kuɗin kullum ka jinkirta awon.

In ta amince da sabon tsarin, sai ka ɗora lambobin tsoffin kwastomomi a matsayin Custom Audience, wato jerin mutanen da kai ka ba Meta da kanka, ka ware su daga tallar, bayan ka tabbatar an sanar da su yadda ake amfani da lambobinsu, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Warewar ba ta kama su duka, domin wata kwastomar lambar da take oda da ita daban ce da wadda ta buɗe Facebook da ita, don haka duba littafi duk ƙarshen wata yana nan. Tsoffin kuma a riƙe su ta saƙon WhatsApp da Status, inda ba a biyan Meta komai.

Abu ɗaya ka gaya mata tun yanzu, a rubuce: bayan warewar, shidan nan da kowace naira take dawowa da shi zai sauka, wataƙila sosai, domin shawo kan wadda ba ta taɓa shaƙar turaren ba ya fi tsada. Ku yarda a kan cewa daga yanzu rahoton wata zai fara da yawan sababbin kwastomomi da abin da kowace ta ci, ku kuma tsayar da iyakar kuɗin da Hajiya za ta iya biya a kan sabuwa ɗaya kafin a sake kunna tallar.