Malamai biyu sun saɓa, alƙali kuma ya yanke: maganar wa za a bi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Makka ne, a nan Shara Mansur. Mijin 'yata ya taɓa sakinta saki ɗaya shekarun baya, ya mayar da ita. Kwanan nan rai ya ɓaci ya ce mata "na sake ki saki uku" da baki ɗaya. Na je wajen malamin da muke karatun Risala a wurinsa, ya ce ukun sun auku, babu aure sai ta auri wani. Shi kuma surukin nawa ya tambayi wani malami, aka ce masa ɗaya ne. Da maganar ta ƙi ƙarewa sai aka je kotu, alƙali ya saurare su duka biyu, ya rubuta cewa saki na biyu ne, kuma akwai kome. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Malamina ya girmi alƙalin, kuma a ganina ya fi shi karatu. Shin fatawarsa ba ta rushe takardar kotu? Ina da laifi in na hana 'yata komawa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri kan wannan tsoron da ka ji, domin tsoron uba ne da ba ya son 'yarsa ta zauna a haram. Amsar a taƙaice ita ce: in dai abin da aka faɗa wa alƙali gaskiya ne, ba a ɓoye masa komai ba, to hukuncinsa ne ake bi a wannan auren, fatawar malaminka ba ta rushe shi, kuma ba ka da hujjar tsare 'yarka saboda ita. Wannan ba ya nufin alƙalin ya fi malaminka ilimi. Aikinsu ne ba ɗaya ba.

Mufti mai ba da labari ne. Ka zo ka bayyana masa abin da ya faru, ya gaya maka abin da ya fahimta shi ne hukuncin Allah a kai, ba tare da yana da ikon tilasta ka ba. Alƙali kuwa shugaba ne ya naɗa shi don ya raba gardama, kuma abin da ya yanke yana hawa kan masu shari'ar ko sun so ko sun ƙi. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rubuta littafi guda a kan wannan bambancin, Al-Ihkam, kuma ya kwatanta su da mutum biyu a gaban babban alƙali: ɗaya tafinta ne, yana isar da abin da aka faɗa ba ƙari ba ragi, ɗaya kuma na'ibi ne da aka ba shi izinin ya yanke da kansa. Tafintan shi ne mufti.

Hanyar da kowannensu yake bi ma dabam ce, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye. Da ka je wajen malaminka, kai kaɗai ka je. Bai kira surukinka ba, bai nemi shaidu ba, bai rantsar da kowa ba, kuma ba a nemi ya yi haka ba, saboda fatawa a kan maganar mai tambaya ake gina ta. Ma'anarta kullum ita ce "in yadda ka faɗa haka yake, to ga hukuncinsa". Alƙali ba shi da wannan sauƙin. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya aika Sayyidina Aliyu Yaman ya yi alƙalanci, ya umarce shi kada ya yanke sai ya ji daga na biyun kamar yadda ya ji daga na farkon. Shi ya sa malamai suka yi ta tattauna hadisin Hindu 'yar Utba, wadda ta kawo ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa marowaci ne, Annabi ya ce mata ta ɗauki abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Waɗansu suka ce hukunci ne, waɗansu suka ce fatawa ce, tunda ba a kira Abu Sufyan an ji ta bakinsa ba. Ni maganar cewa fatawa ce ta fi kwanta mini.

Kada wannan ya sa a raina mufti. Fagensa ya fi na alƙali faɗi nesa. Alwalarka ta yi ko ba ta yi ba, wanda ya wuce miƙati babu harami me ke kansa, mai haila da jirginta zai tashi ba ta yi ɗawafin ban kwana ba, duk waɗannan babu alƙalin da ke zama a kansu, na mufti ne. Kuma fatawarsa tana yawo, duk wanda halinsa ya yi daidai da na mai tambayar zai iya aiki da ita, alhali hukuncin alƙali ya tsaya ne kan mutanen da suka gurfana gabansa. Saboda wannan yawon ne ma Sarki Abdullahi ya fitar da umarni a shekarar 2010 cewa fatawar da ake yaɗawa ga jama'a a ƙasar nan ta taƙaita ga Majalisar Manyan Malamai da waɗanda aka ba izini, aka bar amsar da malami ke ba mutum shi kaɗai a kan al'amarinsa.

Yanzu ga mas'alarku. Malaminka bai yi kuskure wajen naƙalto mazhaba ba. Saki uku a kalma ɗaya uku ne a mazhabar Malik, haka kuma a sauran mazhabobin uku. Wancan malamin shi ma ba daga kansa ya ƙago ba. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa saki uku ɗaya ne ake lissafa shi a zamanin Annabi da na Abubakar da shekara biyu na halifancin Umar, sannan Umar ya zartar da shi uku da ya ga mutane suna gaggawa. A kan wannan Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka tafi, da shi marigayi Shaihu Bin Baz ya kasance yana fatawa, an kuma naƙalto shi daga waɗansu malaman Malikiyya na Ƙurɗuba. Dokar zamantakewar iyali da Saudiyya ta fitar a 2022 ta ɗauki wannan maganar, cewa sakin da aka haɗa da adadi ɗaya ne kawai ke aukuwa. Da ita alƙalinku ya yi aiki.

To kafin a je kotu, fatawa biyu ce a hannunku, kowane ɓangare ya riƙe tasa. Miji yana ganin matarsa ce, uba yana ganin ta haramta. Da za a bar ku a haka, ko shekara nawa za a yi ba za ta ƙare ba, don babu fatawar da ke iya danne 'yar'uwarta. Wannan gurbin ne aka kafa alƙalanci domin ya cike. Kuma ba sai mun fita daga littafin da ka yarda da shi ba. Shaihu Halilu a Muhtasar, a babin alƙalanci, ya ce game da hukuncin alƙali: "wa rafa'al khilafa, la ahalla haraman". Wato yana ɗauke saɓani, amma ba ya halatta haram. Rabin farko shi ne amsarka. Tunda alƙalin da hukuma ta naɗa ya zaɓi ɗaya daga maganganun malamai ya yanke da ita a kan wannan auren, saɓanin ya ɗauke a kan wannan auren. Malaminka zai ci gaba da karantar da cewa uku ne, ba wanda ya hana shi, amma in aka tambaye shi game da 'yarka bayan hukunci, abin da ya dace ya ce shi ne alƙali ya riga ya yanke.

Na san malaminka zai iya cewa da yawa daga malaman mazhabarmu suna ganin maganar "ɗaya ne" ta saɓa wa ijma'i, kuma hukuncin da ya saɓa wa ijma'i ko nassi bayyananne warware shi ake yi. Wannan magana ce ta ilimi, ba na raina ta. Sai dai da'awar ijma'in tana da wuyar tsayuwa ga hadisin Ibnu Abbas a gabanmu. Sannan ko da a ce hukuncin na warwarewa ne, alƙali ne ke warware shi, mufti ba ya yi daga zaurensa. Hanyarsa ita ce ɗaukaka ƙara, wa'adinta a ƙasar nan kwana 30 ne a shari'o'i na yau da kullum, kuma haƙƙin 'yarka ne tunda ita ce mai shari'ar.

Rabi na biyu na maganar Halilu shi nake so ka zaunar da 'yarka a kansa, ku biyu kawai, ka tambaye ta tsakaninta da Allah: sakin baya ɗaya ne tak? Babu wani da ya furta a ɗaki aka rufe, aka ce kada manya su ji? Domin in biyu ne suka gabata aka gaya wa alƙali ɗaya, to wannan na ƙarshe shi ne na uku a wajen kowa da kowa, har da Ibnu Taimiyya, kuma takardar kotu ba ta amfana komai a wajen Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi ya ce shi mutum ne, ana kawo masa ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja sai ya yanke masa bisa abin da ya ji, to duk wanda ya yanke wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yanki ne na wuta. In haka ne lamarin, haram ne ta ba shi kanta, sai ta koma kotu ta faɗi gaskiya, in ya musa kuma babu shaida ta nemi rabuwa ko da ta hanyar hul'i ne. A nan aikin mufti yake dawowa, domin alƙali zahiri yake gani, mufti kuwa yana gaya wa mutum abin da ke kansa a kan abin da shi ya sani a ransa.

In kuwa ta tabbatar maka ɗaya ne ya gabata, sai a duba idda. In ya mayar da ita kafin ta ƙare, matarsa ce, ba a bukatar sabon ɗaurin aure ko izininka, sai dai a kafa shaidu a kuma rubuta komen a hukumance. In iddar ta riga ta cika bai mayar ba, to sai da yardarta, da sabon sadaki, da kai waliyyinta, kuma in tana so kada ka hana, don Allah ya hana waliyyai yin haka a aya ta 232 ta Suratul Baƙara. In ita da kanta ba ta son zaman saboda halinsa, ƙofar hul'i a buɗe take. Shi kuma surukin naka a kira shi gaban manyansa a gaya masa cewa igiya ɗaya ce ta rage a hannunsa.

Allah ne mafi sani.