Takardun rijiyoyin burtsatse da shafukan majigi

"Baffa, ƙungiyar ci gaban garinmu ta ɗora mini bayanin rijiyoyin burtsatse da suka lalace. A gaban hakimi da dattawa zan yi, da majigi, minti 15. Abin da na tara wani yana littafi, wani a waya, wani a bayan ambulan. Yaya aka saba tsara irin wannan, kuma da me ake farawa a gaban manya?"

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan takardun, Allah ya yi maka albarka. Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ka yayyanka takarda girman tafin hannu, ka rubuta magana ɗaya tak a kowace. Dubi layin nan na littafinka: "famfon bakin kasuwa ya tsaya tun bayan babbar salla, mata na zuwa rafi, mai gyara ya ce robar ciki ce ta cinye." Ai magana uku ce, takarda uku za ta ci. Muddin suna manne a layi ɗaya, ba za ka iya kai kowace inda ta dace ba.

Sai ka shimfiɗa tabarma ka baza su. Kowace ka ɗauka, ka duba tambayar da take amsawa. Yadda na karanta naka, kashi huɗu za su fito: halin da rijiyoyin ke ciki, abin da ya jawo, kuɗin gyara, da abin da ake nema a wurin manya. Tsayawar famfo da zuwan mata rafi na kashin farko ne, robar da ta cinye ta na biyu ce. Kowane kashi ka ba shi suna da cikakkiyar magana. "Matsaloli" bai gaya wa kowa komai ba, amma "Rijiya huɗu cikin bakwai ba sa ba da ruwa" ya gaya. In ka kasa yi wa kashi irin wannan suna, ko ya tara takardu ya ninka sauran, to kashi biyu ne a cakuɗe, ka raba. Wasu za su rage ba su da gida, kamar tarihin kafa ƙungiya da ka cika shafi biyu da shi. Ka sa su a aljihu saboda tambaya. Dattawan nan su suka kafa ta, sun fi ka saninsa.

Yanzu batun jeri, kuma nan al'ada ta shigo. Gaisuwa da baki ake yi, a tsaye, allo na nuna kan magana kawai. Sallama, sai hakimi da "ranka ya daɗe", sai liman, dagatai da masu unguwanni, sannan jama'a. Ba a buɗe wa manya baki da roƙo, wannan gaskiya ne. Amma ana sanar da su tun farko cewa akwai shawarar da aka zo nema a ƙarshe, don su saurara da ita a zuci. Daga nan ka bi hali, dalili, kuɗi, roƙo, kowane yana haifar da tambayar da na gaba zai amsa. A kashin dalili ka kiyaye harshenka ƙwarai. Na ga ka rubuta sunan wani mai unguwa kusa da famfon da aka yi sakaci da shi. Goge shi. Rubuta cewa ba a ɗora wa kowa alhakin kula da famfon ba. Babba in aka kunyata shi a bainar jama'a, kare kansa zai shiga yi, maganar ruwa kuwa ta bi iska.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne bin jerin yadda ka tattara bayanin: ran Litinin na je nan, ran Talata na ga wane. Na taɓa yin haka ina aikin gwamnati. Ina tsakiyar labarin zirga-zirgata shugaban zama ya ce lokaci ya cika, kuɗin da na zo nema ban ko ambata ba, aikin ya jira zama na gaba.

Sai ka gama da tabarma za ka buɗe PowerPoint. A jerin ƙananan shafuka na hagu, danna maɓallin dama na linzami tsakanin shafi biyu ka zaɓi Add Section, ka sa sunan kashin. A View kuma akwai Slide Sorter, inda za ka ga duka a baje ka ja kowane inda kake so. Gaisuwa za ta ci minti biyu, saura 13, don haka shafi tara ya ishe ka: kan magana ɗaya, hali uku, dalili biyu, kuɗi biyu, roƙo ɗaya. Ka ware wa na roƙo minti uku, ka bar shi a allo har a gama tattaunawa.

Kafin ranar, karanta wa mahaifiyarka kanun shafukan kaɗai, a jere. Inda ta ce "to, me ya kawo wannan?", shafin nan ba wurinsa ba ne, ka koma tabarma da shi. Ka gaishe mini da ita, ka kuma turo mini kanun in duba kafin Juma'a.