Ranar haihuwa ɗaya, ranakun Hijira biyu: wacce za a rubuta a fom?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, ina cika takardun 'yata da aka haifa a Kano ranar Juma'a 21 ga Afrilu 2023. Fom yana neman ranar Hijira. Wata manhaja ta ba ni 1 ga Shawwal 1444, wata kuma 30 ga Ramadan. Wacce ce daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya raya ta. Rubuta 1 ga Shawwal 1444, wato 01/10/1444. Ita ce ta dace da kalandar Ummul Ƙura, wadda ofisoshin Saudiyya suke bi wajen ranakun Hijira. Ɗaya manhajar ma ba ta lalace ba, wata hanyar lissafi ce take bi.

Hanyar tata ita ce tsohon lissafin jadawali, wanda ba ya duban sama sam. Yana ba Muharram kwana 30, Safar 29, a yi ta karɓa-karɓa har Zulhajji, shekara ta tashi kwana 354. A kowace shekara 30 kuma akan ƙara wa Zulhajji kwana ɗaya sau 11. Kana iya gwadawa da biro. Shekarar 1444 ta fara ne ranar 30 ga Yuli 2022. Idan ka ƙirga daga nan, 21 ga Afrilu 2023 ita ce rana ta 266. Daga Muharram zuwa ƙarshen Ramadan kuma wata biyar ne masu 30 da huɗu masu 29, jimla 266 cif. Ka ga inda 30 ga Ramadan ta fito: a wannan lissafi Ramadan ba ya taɓa yin nuƙsani, alhali kowa ya san sau da yawa azumi 29 muke yi.

Ummul Ƙura kuwa lissafin falaki ce da aka ɗora a kan Makka. Tun daga 1423, ana duba yammacin ranar 29 ga wata da sharaɗi biyu: an haifi sabon wata kafin faɗuwar rana, sannan watan ya faɗi bayan rana. In duka sun cika, gobe 1 ga wata. In ba haka ba, a cika 30. Ranar Alhamis 20 ga Afrilu 2023, wadda ta zo 29 ga Ramadan, an haifi watan da safe wajen ƙarfe 7 agogon Makka, ya kuma faɗi bayan rana, don haka Juma'a ta zama 1 ga Shawwal.

Akwai kuma ganin wata da ido, wanda shi ne mizanin ibada, kowace ƙasa da hukumarta. A wannan shekarar Sarkin Musulmi ya sanar da Sallah ranar Juma'a, daidai da Saudiyya, amma Oman da Maroko sai Asabar suka yi. Da a Maskat aka haifi yarinyar, mutanen gari 30 ga Ramadan za su ce. Sa'a aka yi na gida ya dace da na ofis a wannan karon. Ba kullum ake dacewa ba, shi ya sa ba na son mutum ya cika fom da abin da tsofaffi suka tuna a gida, komai ingancin tunaninsu.

Kafin ka rubuta, duba saitin manhajar ka tabbatar an zaɓi `Umm al-Qura`. Wadda ba ta faɗi hanyar da take bi ba, kar ka dogara da ita. Ka lura kuma da jerin rana da wata, domin wasu manhajoji wata suke fara nema. 21/04 ba ta rikicewa, amma 05/04 tana iya komawa 4 ga Mayu ba ka ankara ba. In kana son tabbatar da shekarar, cire 622 daga shekarar Miladiyya, ka ninka da 33, ka raba da 32. Ta 2023 tana ba da 1444 da ɗoriya. Wannan kimantawa ce ta shekara kawai, ba ta fitar da rana.

Idan bayan magariba aka haife ta, a lissafin addini ta riga ta shiga 2 ga Shawwal, tunda dare ne ke gaba da yini. Ofis bai san da wannan ba. Ranar da ke kan fasfo yake ɗauka ya juya ta, daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare, don haka kar ka ƙara kwana da kanka.

Abu mafi muhimmanci shi ne takardu su yi magana da murya ɗaya. In har an riga an buga mata wata ranar Hijira a iƙama ko a wata takardar hukuma, ita za ka riƙa kwafewa a ko'ina, ko da ta saɓa da naka lissafin da kwana ɗaya, domin na'ura tana iya ƙin karɓar fom idan ranar ba ta dace da wadda ke cikin rajista ba. Idan kuma ka ga tazarar ta wuce kwana ɗaya ko biyu, wannan kuskuren bugu ne, sai ka ɗauki fasfo da takardar haihuwa zuwa ofishin da ya fitar da takardar a gyara tun kafin lokacin sa ta makaranta.